Makon da kuɗi za su yanke: yadda ake gano shi a jadawalin hasashe

Kasuwanci yana iya cin riba a takarda, amma ranar biyan albashi ta zo asusu babu komai. Babu wani abin mamaki a nan, domin lokacin da ake lissafa riba daban, lokacin da kuɗi ke shiga hannu daban. Ranar da ka sayar da kaya bashi, akanta zai rubuta maka ribarka a ranar. Kuɗin kuwa sai ranar da kwastoma ya ga dama ya biya. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ma'aikata suna jiran albashi, mai haya yana jiran nasa, wanda ya ba ka kayan ma yana jiran nasa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai karɓi ribar takarda.

Hasashen shige da ficen kuɗi jadawali ne da ke amsa tambaya guda: a ƙarshen kowane mako mai zuwa, nawa ne zai rage a hannu? Lissafinsa ba shi da wuya. Ka ɗauki kuɗin da aka buɗe mako da su, ka haɗa da abin da zai shigo, ka cire abin da zai fita, abin da ya rage shi ne kuɗin rufewa. Kuɗin rufewar wannan mako su ne kuɗin buɗewar na gaba. An fi yin sa na makonni 13, wato wata uku, saboda a cikin wata uku galibin manyan biyan da ba kullum ake yi ba sukan leƙo aƙalla sau ɗaya, kuma nisan bai kai inda hasashe zai koma cinta-cinta ba.

Haɗa jadawalin bai kai karanta shi wuya ba. Mutane da yawa idan aka miƙa musu, idonsu yakan tafi kai tsaye zuwa layin ƙarshe, su ga akwai kuɗi, su ajiye. A ganina wannan shi ne layin da ya fi ƙarancin amfani a karatun farko. Abin da ya kamata ido ya fara nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba a jerin kuɗin rufewa, da makon da ta faɗa a ciki.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wani ɗan kasuwa ne mai sarin kaya yana rarraba wa masu shaguna, wasu su biya nan take, wasu su ɗauka bashi. Lambobin duk a dubbai suke, na kowane irin kuɗi mutum yake kasuwanci da shi. Ya buɗe makon farko da 500. A kowane mako 250 na shigo masa: 150 daga cinikin hannu da hannu, 100 daga ƙananan kwastomomi masu biyan bashin baya. A kowane mako kuma 210 na fita: 180 na sayo kaya, 30 na ƙananan hidimomi kamar sufuri da wuta. Ke nan a mako na yau da kullum yana samun rarar 40.

Sai ga wani babban ciniki ya faɗo. Wani kamfani ya yi odar kaya na 600, za a kai masa a mako na 2, zai biya bayan kwana 30, wato a mako na 6. Kayan sun tsaya wa ɗan kasuwar a kan 450, kuma wanda ya ba shi kayan a mako na 1 kwana 14 kawai ya ba shi, don haka dole ya biya a mako na 3. Ribar 150 ce, ciniki ne da ba wanda zai ƙi. Ban da wannan akwai albashin 150 da kuma 50 da mai kasuwancin ke ɗauka na kansa, duka 200, a makonni na 4 da 9 da 13. Akwai kason rancen banki 120 a mako na 5, hayar wata uku 150 a mako na 7, da harajin baya 100 a mako na 8. Ga yadda jadawalin ya fito:

| Mako | Buɗewa | Shiga | Fita | Rufewa |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 500 | 250 | 210 | 540 |
| 2 | 540 | 250 | 210 | 580 |
| 3 | 580 | 250 | 660 | 170 |
| 4 | 170 | 250 | 410 | 10 |
| 5 | 10 | 250 | 330 | -70 |
| 6 | -70 | 850 | 210 | 570 |
| 7 | 570 | 250 | 360 | 460 |
| 8 | 460 | 250 | 310 | 400 |
| 9 | 400 | 250 | 410 | 240 |
| 10 | 240 | 250 | 210 | 280 |
| 11 | 280 | 250 | 210 | 320 |
| 12 | 320 | 250 | 210 | 360 |
| 13 | 360 | 250 | 410 | 200 |

Wanda ya duba ƙarshe zai ga 200, ya ce lafiya lau. Wanda ya bi jerin rufewa daga sama zuwa ƙasa zai tsaya a mako na 5, inda lambar ta sauka ƙasa da sifili. A zahiri asusu ba ya sauka ƙasa da sifili sai idan banki ya amince maka tun farko ka riƙa cirar fiye da abin da ka ajiye. In babu wannan yarjejeniya, ma'anar -70 ita ce akwai wanda ba za a biya ba a wannan mako, kuma a misalinmu bankin ne da kansa. Mai amfani da Excel ko makamancinsa zai iya sa jadawalin ya riƙa nuna masa wannan lamba da makonta da kansa. Idan kuɗin rufewa suna gidajen E2 zuwa E14:

```
=MIN(E2:E14)
=MATCH(MIN(E2:E14),E2:E14,0)
```

Na farko zai ba da -70, na biyu zai ba da 5.

Yanzu a ce da wata-wata aka yi hasashen, kamar yadda da yawa suke yi. Watan farko, makonni 1 zuwa 4, zai rufe da 10. Wata na biyu, makonni 5 zuwa 9, zai rufe da 240. Na uku zai rufe da 200. Babu inda lamba ta sauka ƙasa da sifili. Giɓin yana nan daram a cikin wata na biyu, amma kuɗin babban kwastoma da suka shigo daga baya a cikin watan sun lulluɓe shi. Duk kasuwancin da kuɗinsa ke fita a farkon wata su shigo a tsakiya ko ƙarshensa, hasashen wata zai yaudare shi. Shi ma na mako yana da irin wannan makanta, sai dai ƙarama. Dubi mako na 4, wanda ya rufe da 10. An buɗe shi da 170. Idan ranar Litinin ake biyan kuɗin kaya 180, cinikin kuma sai a hankali yake taruwa zuwa Juma'a, to tun ranar Litinin ɗin an shiga matsi. Don haka duk makon da ya rufe dab da sifili, a warware shi kwana-kwana, shi da maƙwabtansa biyu. Ba sai an yi wa dukan makonni 13 haka ba.

Wani abu kuma: sifili ba shi ne layin haɗari ba. Kasuwancin da ya rufe mako da 10 alhali yana kashe 210 a kowane mako ya riga ya shiga hali, ko da jadawali bai nuna jan rubutu ba, wato lamba ƙasa da sifili. Mota ɗaya ta lalace, ko kwastoma ɗaya ya ce a yi masa haƙuri zuwa jibi, an gama. Shi ya sa ake tsayar da wani adadi a ce kuɗi ba za su sauka ƙasa da shi ba. Babu doka a kan nawa ne. Wanda cinikinsa ke shigowa kullum daga mutane da yawa zai iya riƙe kaɗan, wanda ya dogara da kwastomomi biyu ko uku sai ya riƙe da yawa. A misalinmu mu ce 200, kusan abin da ake kashewa a mako guda. Da wannan ma'auni karatun jadawalin ya canza gaba ɗaya. Matsalar ba a mako na 5 ta fara ba, ta fara ne a mako na 3 da ya rufe da 170, kuma ta ɗauki makonni uku. Abin da ake buƙatar nemowa kuma ba 70 ba ne, 270 ne: 70 na cike giɓi, 200 na komawa inda ake iya numfashi. Mai kasuwancin da ya je neman rancen 70 daidai-wa-daida zai sake komawa neman wani kafin mako ya zagayo, kuma zuwa na biyu ya fi na farko wuya, domin mai ba da rance ya riga ya fahimci lissafinka ba ya tsayawa.

Lambobin da ke jadawali ba darajarsu ɗaya ba

Inda karatun yake da zurfi shi ne nan. A takarda kowace lamba kamar 'yar uwarta take, amma wasu tabbas ne, wasu alƙawari ne, wasu kuwa fata ne kawai. Albashi da haya da kason banki da haraji, an san adadinsu, an san ranarsu, kuma ba sa makara. Cinikin hannu da hannu hasashe ne, amma yana da tarihin da za a jingina da shi. Ita kuwa 600 ɗin mako na 6, adadinta tabbas ne, amma ranarta tana hannun wani. Haka abin yake kusan ko'ina: abin da zai fita yana zuwa a kan lokaci, abin da zai shigo shi ne mai jan ƙafa. Jadawalin da aka cike shi da ranakun da ke rubuce a yarjejeniya kullum zai nuna yanayi ya fi yadda yake kyau.

To sai a gwada. A ɗauki mafi girman kuɗin da ake jira a tura shi gaba mako ɗaya-ɗaya, a riƙa duba abin da ya sami mafi ƙanƙantar lamba. Idan kamfanin ya makara da mako ɗaya, ya biya a mako na 7, mako na 6 zai rufe da -30, kuma mafi muni yana nan a -70. Kusan babu abin da ya canza sai tsawon wahalar. Idan ya makara da mako biyu, haya ta iso kafin kuɗin, mako na 7 zai rufe da -140. Mako uku, haraji ya shigo, mako na 8 ya rufe da -200. Mako huɗu, an ci karo da albashi, mako na 9 ya rufe da -360.

A lura da yadda lambobin ke tafiya: 70, 70, 140, 200, 360. Ba a hankali suke ƙaruwa ba, tsalle suke yi, kuma kowane tsalle yana da suna: haya, haraji, albashi. Jinkiri shi kaɗai ba ya kashewa. Abin da ke kashewa shi ne babban biyan da jinkirin ya tsallaka. Wannan ne ke gaya wa mai kasuwanci ranar da zai daina haƙuri. Makarar mako ɗaya za a iya kawar da kai. Amma ya zama dole kuɗin su shigo kafin ranar haya, kuma ko ta halin ƙaƙa kafin albashin mako na 9. Wanda ya san haka ba zai jira kwana 30 su cika sannan ya ɗauki waya ba. Zai kira tun a mako na 3 ya tabbatar takardar neman biyansa ta isa ofishin da ya dace, an sa mata hannu, babu kuskure a adadi ko a lambar oda.

Wace rana ce ta gaskiya da za a sa a jadawali, tunda ta yarjejeniya ba abin dogaro ba ce? Idan tsohon kwastoma ne, amsar tana cikin littafinka. Ka duba cinikayya biyar ko shida na baya, ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar da ka miƙa takardar neman biya da ranar da kuɗi suka sauka a asusu. Idan an rubuta 30 amma ya saba biya a kwana 42 zuwa 48, to 45 za ka sa, komai daɗin bakinsa a waya. Idan sabo ne, ka tambayi yadda suke biya. Manyan kamfanoni da yawa ba daga ranar kai kaya suke fara ƙirga ba, sai daga ranar da aka amince da takarda, kuma suna da ranakun da suka ware na fitar da kuɗi, wasu sau ɗaya ko biyu a wata. Takardar da ta rasa ranar biya da kwana ɗaya sai ta jira zagaye na gaba. Ta haka kwana 30 ke zama 45 ba tare da wani ya yi niyyar cutar kowa ba.

Gwaji na biyu ya shafi ƙananan lambobin da ido ke tsallakewa saboda maimaituwarsu. A ce 250 ɗin da ke shigowa kowane mako ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, ta koma 225, sayen kaya kuma bai ragu ba saboda an riga an yi oda. Ragin 25 ba ya tayar da hankali a mako ɗaya. Amma kuɗin rufewa tarawa suke yi, don haka kowane rashi yana hawa kan na baya. Mako na 3 zai rufe da 95 maimakon 170. Mako na 4 zai rufe da -90 maimakon 10. Mako na 5 zai kai -195. Giɓin ya kusa ninka uku, sannan ya matso kusa da mako guda, ya sauka daidai makon albashi. A ganina wannan ya fi makarar babban kwastoma haɗari, domin ita makara kowa yana ganinta, ana ta magana a kanta, wannan kuwa shiru take zuwa.

Kafin duk waɗannan akwai lambar da ba a cika zargi ba, wato 500 ɗin farko. Idan ita ba daidai ba ce, duk jadawalin ya karkace da adadin kuskuren. Abin da banki ya nuna yau ba lallai ne duka naka ba ne. Cek ɗin da ka rubuta wa wani bai kai banki ba tukuna, kuɗinsa sun riga sun tafi. Harajin da ka karɓa a kan kaya a madadin gwamnati ajiya ce. Kafin alƙalamin da kwastoma ya bayar na kayan da ba ka sayo ba tukuna shi ma yana da inda za shi. Ko dai a cire irin waɗannan daga kuɗin buɗewa, ko a tabbatar an rubuta fitarsu a makon da za su fita. Wanda bai yi ko ɗaya ba, to ya ƙirga kuɗin mutane a matsayin nasa.

Giɓin lokaci da yoyo

Bayan an gano mako mafi muni, tambaya ta gaba ita ce wane irin ƙarancin kuɗi ne wannan. Akwai wanda lokaci ne kawai ya haifar da shi: kuɗi sun fita kafin 'yan uwansu su shigo, da zarar sun shigo komai ya koma daidai. Akwai kuma wanda kasuwancin ne ke fitar da fiye da abin da yake samu, kamar tulu mai yoyo, ko an cika shi zai sake sauka. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma jadawali yana nuna bambancin ga wanda ya duba siffar layin gaba ɗaya.

Giɓin mako na 5 na lokaci ne. An biya 450 a mako na 3, an karɓi 600 a mako na 6, makonni uku ɗan kasuwar ne ke ɗauke da nauyin cinikin da kuɗinsa. Wato cinikin da ya fi kowane riba shi ne ya jefa shi cikin matsi. Da bai karɓi odar ba, mako na 5 zai rufe da 380. Haka bunƙasa take cin kuɗi: duk ƙarin cinikin bashi sai ka fara zuba naka kafin ka ga na kwastoma, kuma iya girman odar iya zurfin giɓin.

Amma a nan ne layin ƙarshe yake da amfaninsa, idan aka kwatanta shi da na farko. An fara da 500, an ƙare da 200. Duk wanda ake bi ya biya, babu wanda ya makara, an ma ci ribar babban ciniki, amma kuɗi sun ragu da 300 a wata uku. Idan aka tambayi akanta zai ce an ci riba, kuma gaskiya ya faɗa. Rarar 40 sau 13 ta ba da 520, a haɗa da 150 na babbar oda ya zama 670. A cire albashin 450, hayar 150, da kuɗin ruwa 20 da ke cikin kason banki, saura ribar 50 kafin haraji. To ina 300 suka tafi? Uwar rance 100 da aka mayar wa banki ba ta shiga lissafin riba, amma kuɗi ne suka fita. 150 da mai kasuwanci ya ɗauka na kansa ba ta shiga. Harajin 100 na ribar baya ne, an riga an lissafa shi a wancan lokaci, yanzu ne ake biya. Riba 50, an fitar da 350 a wajenta, saura ragin 300.

Wannan shi ne yoyon, kuma ya fi giɓin mako na 5 muhimmanci duk da cewa babu inda ya nuna jan rubutu. Idan wata uku masu zuwa suka zo da irin waɗannan biye-biye, kuma babu wata babbar oda, ragin zai kai 450, alhali 200 ne a hannu. Rance na ɗan lokaci yana maganin giɓin lokaci, domin akwai kuɗin da ake jira da za su biya shi. Ba ya maganin yoyo, ƙara shi ma yake yi, tunda ya zo da nasa kuɗin ruwa da kasonsa. Maganin yoyo yana wajen farashi, ko rage kashewa, ko mai kasuwanci ya rage abin da yake ɗauka, ko a tsawaita wa'adin rancen da ake biya don kaso ya ragu. Hanya mai sauƙi ta gane shi ita ce a dubi kuɗin rufewa a wuri ɗaya na kowane wata, misali bayan kowane albashi, a cire tasirin cinikin da ba zai maimaitu ba. Idan kowanne ya gaza wanda ya gabace shi, akwai yoyo.

Mu koma giɓin mako na 5, tunda shi ne a gaba. Amfanin ganinsa tun mako na 1 shi ne akwai sauran zaɓi, kuma kowane zaɓi ana iya gwada shi a jadawali kafin a buɗe baki. A ce ya roƙi mai ba shi kaya ya raba 450 gida biyu, 250 a mako na 3, 200 a mako na 7. Mako na 3 zai rufe da 370, na 4 da 210, na 5 da 130. Jan rubutu ya ɓace. Amma a sake yin gwajin makara a kan wannan sabon tsari: idan kamfanin bai biya ba har mako na 8, mako na 7 zai rufe da -140, daidai inda ake tun farko. An gudu ba a tsira ba, kuma yanzu an ƙara da saɓa alƙawari ga wanda ya yi maka sassauci. Ɗage biya ba ya ƙirƙirar kuɗi. Yana amfani ne kawai idan sabuwar ranar ta faɗo bayan ranar gaskiya ta shigowar kuɗi, ba ranar takarda ba. Da mako na 10 ya nema, ko da za a ɗan ƙara masa wani abu a kai, da ya fi.

A ce kuma tun kafin kai kaya ya nemi kamfanin ya ba da kashi 30 cikin ɗari, wato 180. Wannan yana ɗaga kowane mako da 180 har zuwa ranar da za a biya sauran. Mako na 5 zai rufe da 110. Ko an makara da mako uku, mako na 8 zai tsaya a -20 maimakon -200. Idan mai kasuwancin ya haƙura da 50 ɗinsa na mako na 4 har kuɗin su shigo, wannan ma ya goge. Sai dai ƙofar neman kafin alƙalami tana rufewa ne ranar da kaya suka bar rumbu, a mako na 2. Haka ma banki: neman izinin cirar fiye da ajiya yana ɗaukar lokaci, kuma an fi sauraron mai nema lokacin da asusunsa ke nuna 540 fiye da lokacin da yake nuna 10. Kowane magani yana da ranar da yake daina aiki, kuma yawancin ranakun sun riga makon giɓin da nisa. Don haka idan an gano makon, a ƙirgo baya a rubuta ranar ƙarshe ta kowane mataki.

Saura abu ɗaya, wanda in babu shi jadawalin zai mutu cikin mako biyu. A ƙarshen kowane mako a ajiye abin da ya faru a gefen abin da aka hasasa, a maye kuɗin buɗewa da na gaskiya, a goge makon da ya wuce, a ƙara sabo a ƙarshe don su ci gaba da zama 13. Sannan duk bambancin da aka gani a tambaye shi: jinkiri ne ko asara? A ce a mako na 2 an sa ran 250, aka samu 215. An rasa 35. Da aka bincika, 20 na wani mai shago ne da ya ce sai mako mai zuwa. Wannan a matsar da ita gaba, tana nan zuwa. Sauran 15 kuwa cinikin hannu ne ya ragu, kuma cinikin da ba a yi ba ba zai dawo ba. Ita ce abar dubawa, domin idan ta maimaitu a mako na 3 to ba tsautsayi ba ne, sai a sauke 150 ɗin zuwa 135 a dukan makonnin da suka rage, a ga inda mafi ƙanƙantar lamba ta koma. Ita ma 20 ɗin, idan aka matsar da ita sau uku, ta daina zama jinkiri. A cire ta daga jadawali sai ranar da ta shigo.

Hasashe ba ya taɓa faɗawa daidai, kuma ba a buƙatar ya faɗa. Abin lura shi ne ɓangaren da kuskuren ke karkata. Idan wani mako an samu fiye, wani mako ƙasa, hasashen lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa mako huɗu ko biyar a jere abin da ya shigo yana gaza abin da aka rubuta, to mai rubutawa ne ke sa son zuciyarsa a lambobin, kuma makon da kuɗi za su yanke ya fi kusa da yadda jadawali ke nunawa. Makonni uku ko huɗu na farko ya kamata su fito kusan daidai, saboda yawancin abin da ke cikinsu an riga an sayar ko an riga an yi oda. Daga mako na 8 zuwa sama kuwa alƙibla kawai ake karantawa, kuma idan sun nuna 280 ko 320, kada a ƙulla wani sabon alƙawarin biya a kansu sai sun matso kusa an sake duba su.